Hassada Daga Bakin Mai Ita

Gajeren labarin hassada ya fi ratsa zuciya idan mahassadin ne ke ba da shi. Ɗauki ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda maƙwabcinsa ya buɗe shago na biyu. Marubuci ba zai ambaci kalmar hassada da wuri ba, sai dai ya jera alamu. Mutumin ya fara ƙirga dilolin da ake sauke wa maƙwabcin. Ya taƙaita gaisuwa. Ranar da ruwan sama ya jiƙa kayan maƙwabcin, yana cewa "Allah ya mayar da alheri, Alhaji," sai ya ji sanyi a ransa. Wannan sanyin ne ya firgita shi, a nan ya gane kansa.