Take da bayanin littafin waya: abin da mai saye ke gani kafin ya ciro kuɗi

Wanda ya taɓa sayen littafin Hausa a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san aikin mai shago. Kana ɗaga littafi zai ce maka, "Wannan na biyu ne, sai ka haɗa da na ɗaya," ko ya ce, "Hajiya, in na kishiya kike so ga wanda ya fi shi." Shi ne bakin littafin. To, littafin da marubuci ya wallafa da kansa ya ɗora a shagon intanet ba shi da wannan gatan. Abin da ke tsaye a madadin mai shagon shi ne hoton bango, da take, da 'yan layukan bayani. Na sha ganin marubucin da ya shekara yana gyaran littafi, amma ya cike waɗannan guraben cikin minti goma, da dare, yana gyangyaɗi.

Zan ɗauki shagon Amazon, domin dokokinsa a rubuce suke, kuma tsarinsa na wallafa kai tsaye, wanda yanzu ake kira KDP, yana aiki tun 2007. Idan marubuci ya shiga ɗora littafi, shafin farko ne ke tambayarsa take, da ƙaramin take, da bayani, da kalmomin bincike. Take da ƙaramin take a haɗe ba za su wuce haruffa 200 ba. Bayani yana da haruffa 4,000. Kalmomin bincike kuwa gurabe 7 ne, kuma mai saye ba ya ganin su. Kowanne da aikinsa, kuma yawancin ɓarnar daga haɗa musu aiki take fitowa.

A ɗauka wata malama ce a Zariya ta rubuta littafin girke-girken Arewa guda 40, don 'ya'yanmu da suka tashi a ƙasashen waje, masu kewar masa amma ba su taɓa riƙe ludayin ƙullu ba. Da Turanci ta rubuta shi, domin Hausa ba ta cikin jerin harsunan da KDP ke karɓa, amma zan kawo kalmominta da Hausa don mu ga yadda aikin yake.

Taken da ta fara sa wa littafin shi ne "Girkin Mama", ta bar gurbin ƙaramin take fayau. Sunan yana da daɗi, kuma a wurinta yana da nauyi, don tunawa ce da mahaifiyarta. Sai dai mai saye bai san mahaifiyarta ba. Yarinyar da ke zaune a Landan tana neman yadda ake miyar kuka ba za ta rubuta "mama" a akwatin bincike ba. Za ta rubuta sunan abincin, ko sunan ƙasar, ko "Hausa". Injin binciken shagon yana duba kalmomin take da ƙaramin take da waɗancan gurabe 7, kuma abin da babu shi a ciki da wuya ya kawo littafin gaban idonta. Littafin yana shago, amma kamar an ajiye shi ne a ƙarƙashin teburi.

Ba sai ta jefar da sunan da take ƙauna ba. Aikin ƙaramin take ke nan: babban take ya riƙe zuciya, ƙaramin ya faɗi abin da ke cikin tukunya. Sai ya koma "Girkin Mama: abincin Arewacin Najeriya iri 40, daga masa zuwa miyar kuka, da awon kofi da cokali". Yanzu ya faɗi daga ina abincin yake, ya faɗi yawansa, ya ambaci sunaye biyu da ake nema, sannan ya yi alkawari ɗaya mai ƙarfi. Wannan maganar awo ita ce ta fi komai daraja a wurina. Duk wanda ya koyi girki a gidan Bahaushe ya san awon iyayenmu shi ne "ki zuba daidai", kuma wadda ta tashi nesa da murhu ba ta san daidai ba.

Da marubuci ya gane kalmomi na jawo mai saye, sai kwaɗayi ya kama shi. Zai cusa komai a ƙaramin take: girki, girke-girke, abinci, Afirka, Najeriya, Hausa, azumi, biki, har numfashi ya ɗauke. Wannan yana da illa biyu. Mutum yana ganin irin wannan take ya san na neman kuɗi ne, kamar mai maganin kasuwa da ke warkar da cuta casa'in. Sannan shagon da kansa ya hana. Dokarsa ita ce taken da aka rubuta ya zo daidai da wanda ke jikin bango. An hana kalmomin talla irin su free, an hana iƙirarin kasuwa irin su bestselling, an hana jingina da sunan wani marubuci ko littafinsa. Wanda ya karya, sai a dawo masa da littafin ya gyara, kuma duban da ake yi kan ɗauki har awa 72. In ya riga ya shelanta wa mutane ranar fitowa, kunya ta same shi. Sauran kalmomin da take bai ɗauka ba, irin su buɗa-baki ko abincin salla, wurinsu gurabe 7 ɗin nan ne, kuma shagon ya ce kada a maimaita a can abin da ke cikin take.

Bayani ne wurin da al'adarmu ke ba mu matsala. Mun saba buɗe littafi da godiya da sadaukarwa, kuma abu ne mai kyau a cikin littafi. Malamar tamu haka ta fara bayaninta: godiya ga Allah, godiya ga maigida da ya ba ta goyon baya, sannan tarihin karatunta. Sai a sakin layi na uku aka ji ƙamshin abinci. Matsalar ita ce shafin ba ya nuna bayanin duka. 'Yan layukan farko kawai ke fitowa, sauran suna ɓoye a bayan Read more, kuma a fuskar waya abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. Haruffa 4,000 gare ki, amma jimla biyu ko uku na farko su ne za su sa a taɓa wurin ko a wuce. Godiya ta koma cikin littafi, tarihin marubuciya kuma akwai shafinsa daban.

Ga yadda ta sake buɗe shi: "Masarki tana fitowa da nauyi kamar dutse? Ba hannunki ba ne, ƙullun ne bai tashi ba." Daga nan ta faɗi abin da littafin zai koyar: irin shinkafar da ake jiƙawa, yawan yis, yadda ake gane ƙullu ya tashi a ɗaki mai sanyi, da abin da za a yi amfani da shi in babu tanda. Ta ƙara da cewa kowane girki yana da hoto da lokacin da zai ci. Ta rufe da faɗin wanda littafin bai dace da shi ba, wato gwanar da ta riga ta iya. Wasu na tsoron wannan jimlar, suna ganin korar ciniki ce. Ni kuwa ina ganin kariya ce. Wadda ta saya da tsammanin wani abu dabam ita ce za ta dawo ta ba littafin tauraro ɗaya, kuma wannan tauraron yana nan a shafin har abin da hali ya yi.

Littafin labari tafiyarsa dabam ce. Ba a yi masa jerin amfani, kuma ba a taƙaita shi daga farko har ƙarshe. A nuna mutum ɗaya, a faɗi abin da yake so, a faɗi abin da ya tare masa hanya, a yi shiru. Wanda ya faɗi wa aka aura a ƙarshe ya riga ya ba da kayansa kyauta.

Akwai abubuwan da marubutanmu suka saba sawa a tallan WhatsApp waɗanda ba su da wuri a bayanin Amazon: lambar waya, adireshin imel, adireshin wani shafi, farashi, ranar wani taro, yabon da wani ya yi wa littafin, ko roƙon a zo a yaba. Duk an hana su a wannan gurbin.

Sai tsarin rubutun. Wanda ya kwafo bayani daga wata manhaja ya manna kan tarar sakin layukansa sun curu wuri ɗaya kamar tuwon da bai ji tuƙi ba. Gurbin yana da 'yan maɓallan tsarawa, kuma yana karɓar alamomin HTML kaɗan, kamar haka:

```html
<b>Masarki tana fitowa da nauyi?</b><br>
<ul>
<li>Awon kofi da cokali</li>
<li>Hoto ga kowane girki</li>
</ul>
```

Alamomin su ma suna cikin lissafin haruffa 4,000, kuma in aka manta rufe ɗaya, rubutun da ke bayanta duka zai iya fitowa da kauri. Bayan littafi ya hau, a buɗe shafin a waya a gani da ido.

Ta yaya marubuci zai san inda ciwon yake in ciniki ya ƙi? Rahoton KDP yana nuna abin da aka sayar, ba ya nuna yawan waɗanda suka leƙo suka juya. Wanda ya biya kuɗin talla a shagon shi ke ganin sau nawa aka nuna littafin, sau nawa aka taɓa, sau nawa aka saya. In ana nunawa ba a taɓawa, a tuhumi bango da take. In ana taɓawa ba a saye, a tuhumi bayani, da farashi, da shafukan farko da shagon ke bari a ɗanɗana. Wanda ba shi da kuɗin talla yana da gwaji mai sauƙi. Ya miƙa wa wanda bai san littafin ba waya, ya bar shi daƙiƙa goma, ya karɓe, ya tambaye shi: "Na mene ne, kuma don wa aka rubuta?" In ya yi inda-inda, a koma a gyara. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi mako biyu ko uku, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Bayani ana iya sake shi ko yaushe. Taken littafin waya ma yana gyaruwa, amma na bugun takarda, kwanaki kaɗan bayan ya fita da lambarsa ta ISBN, sai ya kulle, sai dai a yi sabon bugu.

Masu rubutu da Hausa da ke sayarwa a shagunan gida irin su Selar, ko waɗanda suka sayar a OkadaBooks kafin ya rufe a 2023, suna da ƙarin abin lura: haruffa masu ƙugiya. Marubuciya ta rubuta "ƙaddara" yadda ya dace, mai nema kuma ya buga "kaddara", don abin da allon wayarsa ya ba shi ke nan. Ba kowane akwatin bincike ne ke ɗaukar su a matsayin kalma ɗaya ba. Ranar da littafin ya hau, ta neme shi da rubutun biyu. In ɗaya bai kawo shi ba, ta bar ƙugiyar a take da bango, ta sa marar ƙugiyar a gurbin kalmomin bincike in shagon yana da shi, in kuma babu, ta sa shi sau ɗaya a ƙasan bayani.