Kafin Ki Kai Ƙorafinki Waya: Sharhi Ne Ko Ɓata Suna?

Yanzu daga cikin ɗaki muke sayen atamfa da turaren wuta da kayan miya ta waya. In kaya suka zo ba yadda aka yi ciniki ba, sai rai ya ɓaci, hannu ya kai ga WhatsApp ko Facebook. To, wace magana ce doka ta yarda ki faɗa, wacce ce kuma za ta sa a aiko wa maigida da sammaci?

A watan Satumba na 2023, wata matar aure a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods ya cika zaƙi. Da musu ya yi zafi, sai ta ƙara wata magana mai nuna cewa tumatirin yana kashe mutane. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kai ta Abuja, a 2024 kuma aka gurfanar da ita a kotu. Jama'a da yawa sun soki kamun. Amma ki lura da bambancin maganganun biyu. Ta farko abin da harshenta ya ɗanɗana ne. Ta biyu zargi ne da sai an kawo hujja.

Ɓata suna a doka yana da ƙafa uku: maganar ta zubar da mutuncin mutum ko ta kashe masa kasuwa, a gane da wa ake, sannan wani ya ji ko ya karanta. In ita kaɗai kika tura wa, kin yi faɗa ne kawai. Da zarar kin sa a zauren matan unguwa, ko da ku goma ne, kin yaɗa. Ɓoye suna ba ya ceto in kin ce "mai atamfar nan ta bayan masallaci" kowa kuma ya gane ta. A kundin Final Kod na Arewa, sashe na 391 ne ya bayyana laifin, na 392 ya yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Ban da wannan, tana iya neman diyya.

Shi kuwa sharhi na adalci, sai ya zama ra'ayi ne, an gina shi a kan abin da ya faru da gaske, a kan abin da ya shafi jama'a kamar kayan da aka kasa a kasuwa, kuma ba don ƙiyayya ba. Zafin magana ba ya hana ta zama sharhi.

Mu ɗauki misali. A ce kin biya naira 18,000 kuɗin turmi guda, aka ce miki ba ya zuba, wanki ɗaya ya koɗe. In kika rubuta, "Na biya 18,000 ranar Talata, wanki ɗaya ya zuba, ga hoto, na yi mata magana sau biyu ba ta amsa ba, a ganina kayan nan ba su ci kuɗinsu ba, ba zan ƙara saye ba," kin tsaya a kan gaskiya, ra'ayinki kuma ya biyo baya. Amma in kika ce, "'Yar damfara ce, duk kayanta na jabu ne," kin ɗora wa kanki kaya. Turmi ɗaya kika gani, da me za ki tabbatar da "duk"? Damfara kuma laifi ne, kuma ke da kika faɗa ke za a nema da hujja. Ƙara "a ganina" a gaban zargi ba ya mayar da shi ra'ayi. In kuwa fushi ya kai ki ga jifanta da zina, kin bar maganar atamfa kin shiga ƙazafi, wanda haddinsa a shari'a bulala 80 ne.

Sai batun turawa. "An ce" da "haka aka turo mini" ba kariya ba ce. Wadda ta tura saƙon ɓatanci gaba, doka tana ɗaukarta kamar ita ta faɗa. Saƙon murya ma haka yake.

Don haka, 'yar uwa, ki fara yi wa mai kaya magana ke da ita. Ki adana shaidar tura kuɗi da hirarku da hoton kayan. In za ki rubuta, ki bi kowace jimla ki tambayi kanki: wannan na gani da idona, ko zato nake? Wadda ba za ki iya maimaitawa a gaban alƙali ba, ki goge ta. In kuma kin riga kin saki wadda ba ki da hujjarta, ki cire, ki janye a wurin da kika faɗa, domin hakan yana rage diyya, sau da yawa ma a sasanta a gida. Magana zarar bunu ce.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.