Alewa, wake da marfin kwalba: yadda za a fahimtar da yaro canjin kuɗi

Yaron da ya taɓa bin mahaifinsa Wapa a Kano, ko ya ga 'yan canji a Jibiya suna musayar naira da sefa, ba ya rasa tambaya: "Baba, me ya sa aka karɓi kuɗinmu da yawa aka ba mu kaɗan?" Sau da yawa amsar da yake samu ita ce kuɗin wasu ya fi ƙarfi, wadda ba ta warware masa komai. Da alewa 20 za a iya nuna masa a tsakar gida.

A samu yara biyu, kowa a ba shi alewa 10 iri ɗaya ya kasa. Kantin babba ba ya karɓar komai sai marfin kwalba, kuma marafe 10 ne kacal a garinsa. Kantin ƙaninsa wake yake karɓa, ƙwaya 20. A bar su su raba da kansu. Za su gano alewa ɗaya marfi ɗaya ce a nan, wake biyu ce a can. Sai uba ya zauna a matsayin ɗan canji ya tambaya, marfi ɗaya wake nawa ne? Ba wuya su ce biyu.

Daga nan a ƙara wa ƙaramin wake 20 ba tare da an ƙara masa alewa ba. Zai yi murna ya ce ya zama attajiri, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. A sa shi ya ƙirga alewarsa, har yanzu 10 ce. Wake 40 ne ke neman alewa 10, don haka kowace ta koma wake huɗu, marfi ɗaya ma ya koma wake huɗu. In bai gane ba, za a ji yana cewa an cuce shi; a maimaita rabon da hannunsa har ya gani.

Zagaye na ƙarshe, a sauya alewar babban da cakulan, a kira yaran maƙwabta a raba musu wake. Kowa zai so marfi don ya sayi cakulan, ɗaya ya taya huɗu, wani ya ce biyar. Haka dala take tsada a Najeriya: masu shigo da magani, injina da kayan gyara suna buƙatarta, alhali mafi yawan dalar da ƙasar ke samu daga man fetur take zuwa.

Wasan yana da iyaka. Naira kasuwa ce ke yanke mata farashi tun da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023, amma sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957. In yaro ya tambayi wannan, a ce masa mai marafen ya yi alkawari da wani babban kanti cewa farashinsu ba zai motsa ba.