Kafin Hadda Ta Zube: Jawabi Ga Masu Sauka a Limawa



Malamanmu, iyayenmu maza da mata, Allah ya saka da alheri. Ku kuma 'ya'yana da kuke zaune a gaba cikin fararen kaya, Allah ya sanya albarka a wannan sauka taku. An ba ni 'yan mintuna, kuma ba zan ƙarar da su wajen yabo ba, domin akwai abin da nake jin tsoronsa a kanku, kuma daga gobe da asuba zai fara.

Har zuwa jiya, makaranta ce take riƙe muku Alƙur'ani. Akwai lokacin shiga aji, akwai malamin da zai saurare ku, akwai kunyar abokan karatu idan mutum ya kakare. Daga yau duk wannan ya ɗauke. Wani zai tafi jami'a a Bosso ko Gidan Kwano, wata za ta tafi Lapai, wani zai zauna shagon mahaifinsa a Kasuwar Kure, wata kuma an riga an sa mata rana. Babu wanda zai sake tambayar ku tilawar jiya. A daidai wannan gaɓa ne hadda take zubewa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mahaddaci da mai raƙumin da aka dabaibaye, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim: in yana lura da shi ya riƙe shi, in ya sake shi ya tafi.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne, ɓarnar ba a kanku kaɗai take tsayawa ba. Daga yau unguwa za ta fara kiran ku malam da malama. Za a tura ku gaba a sallah idan liman ya yi tafiya, za a kawo muku ƙanne ku biya musu, wani ma zai ɗauki karatunsa a waya ya watsa. Wanda haddarsa ta yi rauni bai sani ba, shi ne zai dasa kuskurensa a bakin yara goma, su kuma su girma da shi suna ganin daidai ne, tunda daga mai shahada suka karɓa. Gyaran kuskuren da ya zauna a harshen yaro ya fi koya masa sabon karatu wuya, duk malamin da ke nan zai shaida.

To yaya mutum zai gane tasa ta fara tafiya? Ba dare ɗaya take gushewa ba. Alama ta farko ita ce ƙarshen ayoyi: ka san ayar sarai, amma da ka zo rufe ta sai ka yi shakkar waɗanne sunayen Allah biyu ne suka zo a nan. Daga nan sai ka ga kana tsallakawa daga wata sura zuwa wata ba ka ji ba. Ku ɗauki ƙissar Bani Isra'ila da shiga alƙarya. Ta zo a Baƙara, aya ta 58 da ta 59, ta kuma zo a A'arafi, aya ta 161 da ta 162, a ƙidayar mushafin Hafs. A Baƙara an umarce su da shiga garin, a A'arafi da zama a cikinsa. A Baƙara shiga ƙofa da sujada ya riga kalmar neman yafiya, a A'arafi kalmar ce ta riga. Ɗalibin da ya yi wata biyu bai waiwayi wurin ba zai fara a Baƙara, ya ƙarasa a A'arafi, muryarsa tana daɗi, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Mai karatu shi kaɗai ba ya kama irin wannan, domin duk abin da ya fito daga bakinsa Alƙur'ani ne, wurinsa ne kawai ya sauya. Sai wani ya riƙe mushafi yana bin ka.

Akwai kuma alamar da take ɓuya a cikin zuciya: ka ga kullum Yasin, Kahfi, Tabaraka da izu biyun ƙasa kake zaɓa, kana kauce wa Nisa'i, Ma'ida da Tauba. Duk surar da kake jin nauyin buɗe ta, ita ce take kan hanyar fita.

Yanzu mu yi lissafi, don maganar ba ta fatan alheri ba ce kawai. Alƙur'ani izu 60 ne. Mushafin Madina da yawancinku kuka yi hadda da shi shafi 604 ne, wato izu ɗaya kusan shafi 10. Mai karanta izu 2 kullum zai zagaye cikin kwana 30. Mai karanta izu 1 sai kwana 60 kafin ya dawo kan shafin da ya bari. Mai rabin izu kuwa sai ya yi wata huɗu, kuma sabuwar hadda ba ta jure wata huɗu ba a taɓa ta ba. A ganina, izu 2 shi ne mafi ƙarancin abin da sabon mahaddaci zai tsaya a kai. Kada adadin ya tsorata ku. Shafi 20 ne, in an raba su ga salloli biyar ya zama shafi 4 a bayan kowace sallah, abin da ba zai kai minti goma ba. Magabata ma cikin mako guda da yawansu suke saukewa: bayan Fatiha sura 3 a rana ta farko, sannan 5, 7, 9, 11, 13, rana ta bakwai kuma daga Ƙaf zuwa ƙarshe. Ban ce ku fara da wannan ba, amma ku san cewa an yi, kuma ana yi.

Bari in kawo misalin da na san zai sami wasunku. A ce yarinya ta yi sauka yau, ta shiga shirin jarrabawa da hidimar gida, sai bayan wata shida ta farga. Abin da mutane suka saba yi shi ne su koma Baƙara da zafi, su yi mako biyu, su gaji a Ali Imrana, su ajiye. Bayan wata uku su sake komawa Baƙara. Haka za ka sami mutum Baƙararsa kamar ruwa, tsakiyar Alƙur'ani kuwa babu. Abin da ya kamata ta yi daban ne. Ta fara da gwaji: ta sami wadda za ta buɗe mata wuri uku a kowane izu, ta jawo mata farkon aya, ita kuma ta ci gaba da shafi guda. Inda ta wuce ba a ɗora ta ba, ko sau ɗaya kawai, wannan izu yana da ƙarfi. Inda aka ɗora ta sau biyu ko uku, yana rawa. Inda ta kasa kama bakin zaren sam, ya tafi.

A ce ta sami 40 masu ƙarfi, 15 masu rawa, 5 sun tafi. Masu ƙarfin ta ci gaba da zagaya su izu 2 kullum, kwana 20 ta kammala zagaye. Wannan ba a dakatar da shi ko da rana ɗaya, in ba haka ba tana gyara can nan yana rushewa. Masu rawa ta ware musu bayan asuba: rubu'in izu, kusan shafi biyu da rabi, ta karanta shi da kallo tana lura, ta rufe ta maimaita har ya miƙe, ta biya wa wata kafin dare. Izu 15 rubu'i 60 ne, wato wata biyu, kuma duk izun da ya warke ta mayar da shi cikin zagayen yau da kullum. Sai biyar ɗin da suka tafi: ta ɗauke su tamkar sabuwar hadda, shafi guda a rana, kwana 50. Duka-duka kwana 110, ƙasa da wata huɗu, Alƙur'aninta ya dawo. In ta bari shekara biyu ta wuce, lissafin zai juye, waɗanda suka tafi su ne za su fi yawa.

Abu biyu ƙanana suna ɓata wannan aiki. Kada ku sauya mushafi, domin ido ya haddace wurin da kowace aya take a shafi, kuma bugun da layukansa suka bambanta yana rikita wannan hoto. Sannan ku lura da wanda kuke saurare a waya. A garin nan akwai masu Warshu daga makarantar allo, akwai masu Hafs daga Islamiyya, duka ingantattu ne, amma mai Hafs da yake kwana da muryar mai Warshu zai wayi gari yana gauraya su tun daga Fatiha.

Wanda zai riƙe muku mushafi fa, ina za ku same shi? A nan ne hidima da karatu suka zama abu guda. Ku dawo makarantar nan, ko wadda take kusa da inda kuka koma, ku karɓi yara biyar ko shida kuna sauraren haddarsu kyauta, ko da kwana biyu ne a mako. Mai sauraren yaro dole ya bi kowane wasali, kuma kunya ba za ta bar shi ya zo bai duba ba. 'Yan mata, a layinku akwai matan aure da tsofaffin da suke son gyara Fatiha da gajerun surori amma nauyin fita aji yake hana su. Ku same su a ɗakunansu. Haka Nana Asma'u ta yi da matan da ake kira jaji a cikin 'Yan Taru, tana tura su da karatu zuwa ga matan ƙauyuka. A nan Minna ma aka kafa FOMWAN a 1985, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin shugabarta ta farko, kuma mijinta, marigayi Shehu Ahmad Lemu, duk da kujerar Alƙalin Alƙalan Jihar Neja da ya riƙe, bai bar karantarwa ba. Ba labarin wata ƙasa nake ba ku ba.

Amma ku san iyakar abin da aka ba ku. Shahadar yau ta karatun Alƙur'ani ce. Za a zo muku da tambayar saki, da rabon gado, da jinin da ya rikice wa mace, don an ga kun yi sauka. Ku ce a tafi wurin malam, ku raka mai tambayar in ya yiwu, ku saurari amsar. Aure yana mutuwa a kan fatawar da aka bayar da ka. Wanda bai gama Ahalari da Ishmawi ba ya gama su, ya wuce Iziyya da Risala a gaban malami, ya haɗa da nahawu ko da Ajurumiyya ce, domin wanda ya san dalilin da ya sa kalma ta ɗauki rufu'a ko fataha ba ya saurin rikita ta a hadda.

Iyaye, ku ma da naku. Kuɗin walima kun kashe, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya rage shi ne minti goman nan na bayan sallah: kada a aiki yaro a cikinsu. Wanda zai aurar da 'yarsa ya faɗa wa mijin tun yanzu cewa tana da izu 2 a kullum, kuma tana buƙatar mai saurarenta.

Kafin a raba abinci, ina roƙon shugaban makaranta ya sa a zagaya da takarda. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan wanda zai riƙa biya wa, da ranar da za su haɗu a mako, da izun da ya san yana gudunsa. Ranar Asabar mai zuwa, da wannan izun za a fara.