Wasiƙar Auta daga makarantar kwana zuwa ga Yayarta

A yawancin makarantun kwana na Najeriya ba a yarda ɗalibi ya riƙe wayar salula ba. Wanda aka kama da ita, ƙwacewa ake yi, wani lokaci har da horo. Shi ya sa wasiƙar hannu, wadda ta kusa ɓacewa a cikin gari, har yanzu tana da sauran numfashi a bayan katangar makaranta. Yarinyar da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, idan ranar haihuwar yayarta ta faɗo a tsakiyar zangon karatu, ba ta da abin yi sai ta ciro fallen takarda daga tsakiyar littafinta, inda zai fita bai yage ba, ta zauna bayan karatun dare ta rubuta.

Bikin zagayowar ranar haihuwa ba tsohuwar al'adar Bahaushe ba ce. Kakanninmu da yawa ba su riƙe ranar da aka haife su ba, sai dai su ce shekarar fari, ko shekarar da aka naɗa sarki wane. Akwai gidajen da har gobe ba sa yin bikin, saboda fahimtarsu ta addini. Wannan wasiƙa kuwa ba ta buƙatar kek ko kyandir. Gaisuwa ce da addu'a da tuna alheri, kuma waɗannan ba baƙi ba ne a kowane gida.

Abu na farko lissafin kwanaki ne, tun kafin a ɗauki biro. A ce za a yi ranar haihuwar Yaya Juma'a 14 ga Nuwamba, 2025, ranar ziyarar iyaye kuma ta kama Lahadi 2 ga wata. Ke nan dole wasiƙar ta kammala ranar Asabar, kwana goma sha uku kafin lokacin, a damƙa ta a hannun Umma ko Abba, a rubuta a bayan ambulan cewa kada a buɗe sai ranar sha huɗu. Wadda ta tsaya jiran ranar ta matso, to sai dai ta nemi alfarmar wata malama mai kwana a gari, ko ta haƙura sai hutun Disamba, lokacin da zancen ya riga ya huce. Gidan waya na nan, amma wasiƙar da ke da rana tsayayya ta fi aminci a hannun wanda aka sani. Akwai kuma dabarar zamani: malama ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta tura wa Yaya. Saƙon ya isa, rubutun hannun ma ya isa, sai dai takardar ajiya ce babu.

Tsarin wasiƙar shi ne wanda ake koyarwa a darasin Hausa da sunan wasiƙar zumunci, wadda ta bambanta da ta neman aiki ko ta hukuma. Adireshin mai rubutu a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa. Ba a sa adireshin wadda ake rubuta wa a ciki, ba a sa kanu, ba a sa hannu irin na ofis. Sai a dawo hagu a kira ta da sunan da ake kiran ta a gida. A nan ne ladabi yake fara bayyana, domin ƙanwa ba ta kiran yayarta da gatsal ɗin suna. Yaya ce, ko Anti, ko Adda a gidajen da ke da jinin Fulani. Duk wanda bakin ya saba da shi a tsakar gida, shi ne daidai a takarda.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne cikin wasiƙar. Da yawa sukan haddace buɗewa guda su yi ta maimaita ta: bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake lafiya, dalilin rubuto miki wannan 'yar wasiƙa shi ne kaza. Ba laifi ba ne, gaisuwa ce ta gado, kuma Bahaushe ba ya faɗa wa magana ba sallama. Matsalar ita ce idan gaisuwar ta cinye rabin shafi, sauran rabin kuma ya tafi a kan kirari irin na kati: ke ce tauraruwata, ke ce farin cikin rayuwata, babu kamarki a duniya. Gwajin mai sauƙi ne. A rufe sunan da ke sama da yatsa a karanta. Idan za a iya miƙa wa kowace yaya a unguwa takardar ta karɓa a matsayin tata, to ba a rubuta komai ba tukuna.

Maganin shi ne a tuno abu ɗaya tak da ya faru tsakanin su biyun, wanda ba wanda ya san daɗinsa sai su. Ga yadda Auta za ta iya yi, bayan ta sa adireshi da kwanan wata na 1 ga Nuwamba, 2025:

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya su Umma da Abba? Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyi ya fara, wankan asuba ya zama yaƙi.

Na san ba za ki buɗe wannan ba sai ranar sha huɗu, in dai ba ki yi satar leƙe ba. To barka da cika shekara ashirin da biyu. Allah ya ƙaro masu albarka, ya ba ki lafiya, ya sa ki gama karatunki da sakamako mai kyau.

Yaya, kin tuna daren da za a kawo ni makaranta? Kowa ya yi barci, ke kina zaune kina rubuta sunana a jikin bokiti da kofi da bakin zanen gadona. Na yi ta kuka, kika ce in na ƙara sai ki rubuta min a goshi. Har yau sunan bai goge ba. Kullum na ɗauki bokitin nan sai na ga rubutunki.

Yanzu na iya kitsa kaina biyu, ba kyau kamar naki, amma ba a yi min dariya. Na ci goma sha bakwai cikin ashirin a gwajin lissafi, da hanyar nan da kika koya min ta raba lamba. Yajin da kika daka min ya kusa ƙarewa saboda duk 'yan ɗakinmu sun gano shi.

Ba ni da abin ba ki sai wannan takarda da zanen furen da ke ƙasa. Ki ajiye min kasona na duk abin da aka dafa, ko da a baki ne. Ki gaida Umma da Abba da Inna, ki ce ina kewar kowa.

Taki har kullum,
Auta

Duka wasiƙar ba ta kai shafi guda ba, kuma babu kalma ɗaya a ciki da 'yar shekara goma sha biyu ba ta faɗa a baki. Ba ta ce “ina ƙaunarki” ko sau ɗaya ba. A gidajen Hausawa da yawa wannan magana tana da nauyi a baki tsakanin 'yan'uwa, kunya takan hana. Bokitin ne ya faɗe ta. Yayar da ta karanta cewa ƙanwarta tana ganin rubutunta kowace asuba ta riga ta ji abin da ake nufi, kuma ta fi jin sa fiye da a ce an jera mata kirari goma. Ni a ganina wannan sakin layin shi ne wasiƙar, sauran duk rakiya suka yi masa.

A lura kuma da yadda aka bi da zancen yaji. Ɗalibin kwana kullum yana da buƙata: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, sabulu, 'yan kuɗin kashewa. Jarabar ita ce a mai da wasiƙar taya murna takardar cefane, a yi barka a layi biyu sannan a jero kaya bakwai. Yaya za ta gane nan take cewa barkar share fage ce. Auta ta ambaci yajin ne a matsayin yabo, cewa ya yi daɗi har ƙawaye sun far masa. Idan Yaya ta ga dama ta dako wani, ruwanta. In kuwa buƙatar ta matsa, gara a rubuta ta a wata 'yar takarda daban a ba Umma.

Haka labarin wahala. Ba a ce yaro ya ɓoye damuwarsa ba. Idan ana cin zalinsa ko ba shi da lafiya, wannan magana ce da za a faɗa wa iyaye baki da baki ranar ziyara, ko a kai wa malamin da ke kula da ɗakin kwana, ba a jira ambulan da aka ce kada a buɗe sai bayan mako biyu ba. Amma ƙananan koke-koke, irin su wake da tsakuwa ko siniya mai sa wanki, ana iya taɓa su da wasa a wuce, kamar yadda Auta ta yi da wankan asuba. Sannan a tuna cewa takardar za ta bi ta hannaye. Wasu makarantun suna duba abin da ke fita da shiga, a gida ma ƙila a karanta ta a tsakar gida kowa na ji. Sirrin Yaya, musamman zancen wanda ke zuwa zance wurinta, ba nan ne wurinsa ba.

Saura gyaran rubutu, kuma a nan akwai kuskure ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa. Yaran da suka saba ganin Hausar waya sukan manta lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. A takarda ba uzuri, tunda biro ba ya rasa harafi. Wadda ta rufe wasiƙarta da “kanwarki” maimakon “ƙanwarki” ta sa hannu ne a matsayin kanwar da ake jiƙawa a zuba a miyar kuka. Yaya za ta gane, amma za ta yi dariya, kuma za a daɗe ana tsokana. Namiji mai rubuta wa yayarsa shi ma ya kula, “ƙanenki” zai rubuta, kuma tun daga sama har ƙasa “ki” da “miki” ne, kada hannu ya zame zuwa “ka” da “maka” don ya saba rubuta wa abokai.

Idan Ingilishi ya fi zama harshen hirarsu, ko suna cakuɗa biyun, ba wanda zai hana. Wannan ba jarrabawa ba ce, ba maki za a ba ta ba. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kada a kwafo daga littafin koyon wasiƙa ko daga takardar ƙawa, domin Yaya ta san muryar ƙanwarta tun tana goye da ita, kuma layi biyu sun ishe ta ta gane ba ita ke magana ba. A fara da fensir a bayan littafi, a karanta a hankali kamar ana gaya mata a kunne, duk jimlar da baki ya ƙi ɗauka a soke ta. Sannan a kwafe da biro a takarda mai tsabta, a ninke uku. Wadda ba ta da ambulan sai ta ninke wani fallen ta lulluɓe, ta liƙe bakin da ɗan ƙullin tuwo ko shinkafa daga abincin dare, ta rubuta a baya: Yaya, sai ranar sha huɗu.