Dubu ɗaya ko 59,395: yadda lamba ke kwanciya a ma'adanar kwamfuta

Wanda ya buga umarnin `lscpu` a kan laftof mai tsarin Linux zai ga wani layi a cikin bayanan da suka fito: `Byte Order: Little Endian`. Idan ya tambayi malamin kwamfuta ma'anarsa, amsar da aka saba bayarwa gajera ce. Wai wasu injina suna ajiye lamba a miƙe, wasu kuma suna ajiye ta a juye, kuma nasa yana cikin masu juyawa. Da gaskiya a wannan magana, amma kalmar "juye" ta sha ɓatar da ɗalibai, domin ba ta faɗi abin da aka juya ba, ba ta kuma faɗi a ina ba.

Ma'adanar kwamfuta jeri ne na ƙananan gurabe, kamar rumfunan kasuwa da aka manna wa lamba. Kowane gurbi yana ɗaukar bayit guda, wato bit takwas, kuma bayit guda ba ya iya riƙe lambar da ta wuce 255. Lambar da aka manna wa gurbin ita ce adireshinsa. Lambar da ba ta wuce 255 ba tana shiga gurbi ɗaya, babu gardama. Rigimar tana farawa ne daga 256 zuwa sama.

A ɗauki 1000. Idan aka raba ta da 256 za a sami 3, saura 232. Waɗannan su ne bayit ɗinta biyu: 3 shi ne babba, domin kowane ɗaya a cikinsa yana tsaye ne a madadin 256, shi kuwa 232 shi ne ƙarami. A rubutun heksa, wanda masu rubuta manhaja ke amfani da shi saboda alama biyu suna cika bayit ɗaya daidai, su ne `03` da `E8`. To, an ba injin gurabe biyu, mai adireshi 500 da mai 501. Wanne zai shiga 500? Injin da ke bin tsarin babba a gaba zai sa `03` a 500, `E8` a 501. Mai bin tsarin ƙarami a gaba zai sa `E8` a 500, `03` a 501. Duk bambancin ke nan. Kowanne zai karanto abin da ya ajiye ya sami 1000 cif. Amma idan aka ɗauki ajiyar wannan aka miƙa wa wancan, zai ninka 232 da 256 ya ƙara 3, ya ce 59,395 aka ba shi.

Sunayen tsarin biyu daga zolaya suka samo asali. A ranar 1 ga Afrilu 1980, wani masanin kwamfuta mai suna Danny Cohen ya fitar da takarda kan wannan saɓani, ya aro labarin da Jonathan Swift ya rubuta a 1726 a littafin tafiye-tafiyen Gulliver, inda aka yi ta yaƙi kan ko ta babban gefe ya kamata a fasa dafaffen ƙwai ko ta ƙarami. Zolayar ta kama, har ta zama sunan da ake koyarwa a jami'a.

Hanyar tantance bayanin malami ita ce a leƙa ma'adanar da ido. A harshen C layi uku sun isa:

```
unsigned int n = 0x12345678;
unsigned char *p = (unsigned char *)&n;
printf("%02x %02x %02x %02x\n", p[0], p[1], p[2], p[3]);
```

Layi na farko ya ajiye lamba mai bayit huɗu. Na biyu ya ɗauki adireshin da ta fara, ya ce a dubi wurin bayit-bayit. Na uku ya buga su daga ƙaramin adireshi zuwa babba. A kan furosesar Intel ko AMD, da kusan duk wayar da ke aljihun mutane, amsar ita ce `78 56 34 12`. A kan manyan injinan IBM na jerin Z, waɗanda bankuna da yawa a duniya ke amfani da su, ko tsohuwar Motorola 68000 da ke cikin Macintosh na 1984, amsar `12 34 56 78` ce.

Nan ne kuskure na farko yake bayyana. Ɗalibin da aka ce masa "a juye" yakan rubuta `87 65 43 21` a takardar jarrabawa, kamar mai karanta lambar daga baya harafi-harafi. Injin bai ba da haka ba. Bayit `78` ya zo gaba, amma yana nan a matsayin `78`, bai koma `87` ba. Bit ɗin da ke cikinsa ma ba a taɓa su ba. A irin waɗannan injina kowane bayit yana da adireshi, amma bit ba shi da nasa, don haka tambayar wane bit ne "na farko" a ma'adana ba ta ma da wurin zama. Tana tasowa ne sai an zo tura bayanai ta igiya bit bayan bit, kuma wannan wata ƙa'ida ce daban.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya, kuma laifin zanen allo ne. Ana zana akwatuna huɗu daga hagu zuwa dama, adireshi yana ƙaruwa zuwa dama, sai a cika su da `78 56 34 12`, ido ya ga abin ya karkace. Amma ma'adana ba ta da hagu ko dama. Mai zanen ne ya zaɓi ya fara daga hagu, saboda haka ya saba rubutu. Da zai sa ƙaramin adireshi a hannun dama ya riƙa hawa zuwa hagu, da wannan ajiyar dai za ta fito `12 34 56 78`, sai ɗayan tsarin ya koma shi ne mai kama da juyayye. Littattafan Intel ma sukan zana ma'adana a tsaye, ƙaramin adireshi a ƙasa, su sa ƙaramin bit a dama. Wanda ya yi karatun allo ko ya saba da ajami ya riga ya san wannan yanayin: layi yana tafiya daga dama, amma idan aka rubuta shekara kamar 1447 a tsakiyarsa, alƙalumanta suna nan a jere yadda suke a boko, ta yadda 7 ce ta fi kusa da inda ido ya fito. Lambar ba ta canza ba, hanyar shigowa ce ta bambanta.

Saboda haka bayanin da ya dace da ainihin abin da ke faruwa ba ya bukatar hagu ko dama. Tambaya ɗaya ce: wane bayit ne ke zaune a adireshi mafi ƙanƙanta?

Sai kuskure na uku, wanda ke kama har waɗanda suka daɗe a aikin. Suna zaton tsarin yana shafar lissafi. A ɗauki `n` ɗin nan ta sama. Umarnin `n >> 24` yana ba da `0x12` a kowane inji, `n & 0xFF` kuma yana ba da `0x78` a kowane inji, haka `printf("%x", n)` zai buga `12345678` ko a ina. Dalili shi ne waɗannan ayyuka suna aiki ne da ƙimar lambar bayan furosesa ta ɗauko ta dunƙule guda, kuma a wannan matakin babu gurabe masu adireshi. Tsarin yana nuna kansa ne kawai idan an rubuta lamba da faɗi ɗaya aka karanta da wani faɗin, ko aka fitar da bayit ɗin zuwa fayil ko intanet. Mai rubuta manhajar da ke haɗa lamba ta hanyar turawa da haɗawa, bayit bayan bayit, ba ya ma bukatar sanin irin injin da yake kai.

Gwajin kansa yana da tarko. Lambar gwaji kamar 0, ko `0x11111111`, ko −1 wadda duk bayit ɗinta `FF` ne, ba za ta nuna komai ba, domin ta kowace fuska iri ɗaya ce. Gwaji da 1, wanda ya fi yawa a littattafai, yana nuna inda ƙaramin bayit ya faɗa kawai. Shi ya sa aka fi son lamba mai bayit huɗu mabambanta. Da ita ne za a iya kama tsari na uku da bayanin "iri biyu ne kawai" yake mantawa da shi: injin PDP-11 na shekarun 1970 yakan ajiye lambar nan a matsayin `34 12 78 56`, babban rabi a gaba, amma a cikin kowane rabi ƙaramin bayit ne a gaba.

Kayan leƙen ma suna iya ruɗar mutum. Idan aka tura kalmar UNIX ga umarnin `hexdump` a laftof na yau da kullum:

```
$ printf 'UNIX' | hexdump
0000000 4e55 5849
```

Haruffan a fayil `55 4e 49 58` ne, a jere yadda aka buga su, kuma `hexdump -C` zai nuna su haka. Amma `hexdump` ba tare da wannan alamar ba yana haɗa bayit bibbiyu ya ɗauke su lamba, sai ya nuna abin da idan aka karanta shi harafi-harafi zai ba da NUXI. Da wannan suna ma masu sana'ar suke kiran matsalar baki ɗaya. Rubutun harafi ɗaya bayit ɗaya ba shi da tsarin juyawa ko kaɗan. Mai nunawa ne ya ƙirƙiro shi a allo.

Inda abin ke jawo asarar lokaci na gaske shi ne sadarwa. Ƙa'idojin intanet sun tsaya a kan babba a gaba, alhali yawancin injinan da ke amfani da su ƙarami a gaba ne. Lambar ƙofa ta 80, wadda shafukan intanet ke amfani da ita, `00 50` ce a kan hanya. Mai rubuta manhaja a C da ya manta ya bi da ita ta `htons` zai ajiye `50 00`, sai manhajarsa ta zauna tana jira a ƙofa ta 20480, shi kuma yana ta ƙwanƙwasa 80 babu amsa. Alamar irin wannan kuskure a bayyane take ga wanda ya san ta: ƙaramar lamba ta kumbura ba gaira ba dalili, kuma idan aka rubuta ta a heksa sai a ga sifilai sun taru a ƙarshe maimakon farko. Faɗin hoton PNG mai 1920 yana fayil a matsayin `00 00 07 80`. Manhajar da ta kwafe shi kai tsaye a injin Intel za ta ce faɗin hoton 2,147,942,400 ne, ta nemi ma'adanar da babu ita.

Kowane irin fayil yana da nasa zaɓin, kuma ba ruwansa da injin da ke buɗe shi. PNG babba a gaba ne, BMP da WAV ƙarami a gaba. Masu tsara TIFF sun ƙi shiga rigimar, suka bar mai rubuta fayil ya zaɓa amma ya sanar: bayit biyu na farko ko dai `II`, daga sunan Intel, ko `MM`, daga Motorola. An zaɓi harafi biyu iri ɗaya don su karantu daidai ta kowace fuska. Bayansu sai lambar 42, wadda ke fitowa `2A 00` a na farko, `00 2A` a na biyu, domin manhaja ta tabbatar ta fahimci sanarwar kafin ta ci gaba da karanta sauran fayil ɗin.