Haɗarin da Ba Shi da Mai Gadi: Yadda Masu Ƙera Manhajar Waya Ke Ɗaure Fargaba da Aiki

A daren 3 ga Fabrairun 2020, jam'iyyar Demokrat ta Amurka ta yi zaɓen fidda gwani a jihar Iowa, kuma ta dogara ga wata sabuwar manhajar waya da kamfanin Shadow ya ƙera don aiko da sakamako daga rumfuna kusan 1,700. Manhajar ba ta bi ta kasuwar Apple ko ta Google ba, ta hanyoyin gwaji aka raba ta, shugabannin rumfuna da yawa kuma sun kasa sauke ta ko shiga cikinta. Ga kuma kuskuren da ya sa ba duka alƙaluman ke isowa daidai ba. An tanadi mafita: wanda manhaja ta ƙi masa, ya buga waya. Sai layin ya cushe, mutane suka yi ta jira, aka kwashe kwanaki ana harhaɗa sakamako.

Abin lura a nan shi ne an san manhaja tana iya gazawa, shi ya sa aka ajiye layin waya. Sanin haɗari bai wadatar ba, tunda tanadin da aka yi bai iya ɗaukar nauyin da ya faɗo masa ba. A wannan gaɓar ce kundin haɗurra yake amfani ko ya zama takardar banza.

Kundin haɗurra jadawali ne da masu tafiyar da aiki ke rubuta abubuwan da ba su faru ba tukuna, amma idan suka faru za su ci lokaci ko kuɗi. Kowane layi yana da lamba, da bayanin haɗarin, da kimar yiwuwarsa, da girman ɓarnarsa. Yawanci a makon farko ake cika shi, lokacin da kowa ke da zumuɗi. Daga nan sai a ajiye shi a wani wuri, aikin yau da kullum kuma ya koma allon ayyuka, irin su Jira ko Trello, inda kowane mai rubuta manhaja yake duba abin da ke gabansa da safe. Wuri biyu ke nan da ba sa ga maciji da juna. Mai aiki yana bin allo, kundi kuwa sai ranar da abu ya lalace a tuna da shi.

Gyaran shi ne a ɗaure kowane layi na kundin da abu uku: mutum ɗaya mai alhakinsa, aiki mai lamba a kan allo, da ƙararrawa, wato alamar da ake iya aunawa wadda ke cewa lokacin tashi tsaye ya yi.

A ɗauki misalin ƙaramar tawaga ta mutum biyar da ke ƙera manhajar odar abinci, sun kuma yi wa mai aikin alkawarin fitowa a Google Play ranar 1 ga Yuli. Asusunsu na Google sabo ne, da sunan mutum ɗaya aka buɗe shi ba na kamfani ba. Akwai ƙa'idar da ta shafi irin wannan asusu idan an buɗe shi bayan 13 ga Nuwamban 2023: ba a sakin manhaja ga jama'a sai an yi gwaji na rufe da mutanen da suka shiga suka zauna a ciki kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya Google ya rage zuwa 12. Bayan gwajin sai a nemi izinin fitowa, Google ya duba, abin da kan ɗauki har kwana bakwai, wani lokaci ma fiye.

A kundin da aka cika da gaggawa, wannan haɗari yakan fito a haka: "Ana iya samun jinkiri daga Google. Mai alhaki: tawaga." Layin gaskiya ne, amma ba ya sa kowa ya ɗaga yatsa. Ba a faɗi jinkirin me ba, ba a faɗi yaushe za a gane shi ba, kuma aikin da aka ce na kowa ne, ƙarshensa kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Tawagar da ta san abin da take yi lissafi take fara yi, daga ranar fitowa zuwa baya. Kwana bakwai na duba manhajar kanta, kwana bakwai na neman izini, kwana 14 na gwaji: kwana 28 ke nan. A cire su daga 1 ga Yuli, an dawo 3 ga Yuni. Wannan ita ce rana ta ƙarshe da gwaji zai iya farawa ba tare da an saɓa alkawari ba. Tunda ba a son a tsaya a bakin rami, sai a ƙara mako guda na sarari, a tsaya a 27 ga Mayu. Yanzu ƙararrawa ta samu, kuma ana iya rubuta ta da jimla ɗaya: idan 27 ga Mayu ta yi ba a samu mutum 12 da suka shiga gwaji ba, an shiga shirin ko-ta-kwana. Kowa a ofishin yana iya buɗe Play Console ya ƙirga, ba sai an yi gardama a kan ko abin ya yi tsanani ba.

Daga wannan layi ɗaya ayyuka iri biyu ke fitowa, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne da ake yawan yi. Iri na farko rigakafi ne, ana yin sa yanzu ko ƙararrawa ta kaɗa ko ba ta kaɗa ba: a tara adireshin imel na mutum 18 maimakon 12, domin ba a rasa wanda zai fice ko wayarsa ta lalace a tsakiyar gwaji, a ɗora samfurin farko na manhajar kafin tsakiyar Mayu ko da bai gama kyau ba, a rubuta wa masu gwajin bayanin yadda ake shiga. Kowannensu yana samun katinsa a allo, da sunan mai yi da ranar gamawa, kuma yana cin sa'o'i daga lokacin tawagar kamar kowane aiki. Iri na biyu shirin ko-ta-kwana ne. Ana rubuta katinsa cikakke, amma a ajiye shi yana jira: a sanar da mai aikin a ranar, a ɗage tallan da aka shirya, a sake tsara ranar fitowa. Amfanin rubuta shi tun da wuri shi ne ranar da hankali ya tashi ba a fara tunani daga tushe. Darasin Iowa kuma a nan yake shiga, domin shi ma shirin ko-ta-kwana sai an tambaye shi mutum nawa yake buƙata, kuma ko an taɓa gwada shi.

Ɗaurin kansa ba wani abin wahala ba ne. A Jira ana buɗe haɗarin a matsayin kati, sannan a haɗa shi da ayyukansa. Katin fitowa kasuwa a sa masa `is blocked by` ya nuna katin gwajin kwana 14, ta yadda duk wanda ya buɗe shi zai ga abin da ya tare hanya. Sauran ayyukan a ɗaure su da haɗarin ta `relates to`. Tawagar da jadawali kawai take da shi ma tana iya yi: a ƙara gurbi a kundi don lambar aiki, a kuma rubuta lambar haɗarin a kan katin aikin. Muhimmin abu shi ne igiyar ta bi ta ɓangare biyu, wanda ke kundi ya iske aikin, wanda ke aikin ya san fargabar da ta haife shi. In ba haka ba, ranar da lokaci ya ƙure aka zo rage ayyuka, katin "tara masu gwaji" shi za a fara turawa gaba, don ba ya ƙara wa manhaja wani abu da ido ke gani.

Batun mai alhaki yana bukatar a tsaya a kansa. Mai alhakin haɗari ba lallai ne shi ke yin ayyukan ba. A misalin nan, mai gwada manhaja ce za ta tara mutane, wani kuma ya ɗora samfuri, amma mai alhakin shi ne wanda ke duba adadin kowace safiya, kuma yake da ikon cewa an shiga shirin ko-ta-kwana. Idan aka ba wa ƙaramin ma'aikaci alhakin da ba shi da ikon ɗage rana ko kiran mai aikin, an sa shi gadi ne ba a ba shi usur ba. Ana kuma rubuta sunan wanda zai riƙe idan ya tafi hutu, domin kwanakin ba sa jiran kowa.

Ba kowace ƙararrawa ce rana ba, wata adadi ce. Bayan fitowa, fargabar da ta fi girma ita ce sabon samfuri ya riƙa mutuwa a hannun mutane, musamman a ƙananan wayoyin Android masu ƙarancin ma'adana da tawagar ba ta gwada ba. Google yana da nasa ma'auni: idan fiye da kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana suna ganin manhaja tana mutuwa, ana iya rage nuna ta a kasuwa. Tawaga mai hankali ba ta jiran wannan iyaka, tana sa tata ƙasa da ita, ta saki sabon samfuri ga kashi kaɗan na jama'a, ta rubuta a kundi cewa da adadin ya haye abin da aka yanka, mai alhaki ya dakatar da rabon nan take. Sai dai dakatarwa ba ta ƙwace samfurin daga wayoyin da suka riga suka karɓa, don haka katin ko-ta-kwana dole ya ƙunshi fitar da gyara da sauri.

Ana gane kundin da ya fara ruɓewa cikin minti goma. A bi layukan ɗaya bayan ɗaya: layin da ba shi da lambar aiki, layin da aka rubuta sashe a gurbin suna, ƙararrawar da ta fara da "idan abin ya yi yawa", da ranar da ta wuce ba wanda ya taɓa layin. Akwai kuma wata alama da ta fi ɓoyuwa, wato an rufe dukkan ayyukan sai aka ɗauka haɗarin ma ya rufu. An tara mutum 18 ba ya nufin 12 sun zauna har kwana 14. Mai alhaki kaɗai ke rufe haɗari, bayan ya duba da idonsa ya ga izinin fitowa ya iso.

Wannan ɗauri yana cin lokaci, shi ya sa ba a yi wa kowane layi. Tawagar mutum biyar da ta ɗaure haɗari 40 za ta gaji ta watsar da su duka kafin wata ya zagayo. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi kaɗan masu iya ture ranar fitowa ko jawo korar manhaja daga kasuwa, a ba su cikakken tsari, sauran a bar su a jerin sa ido. A taron mako, maimakon karanta kundin daga sama har ƙasa, sai a jera layukan bisa ranar ƙararrawarsu, a fara da wadda ta fi kusa, a tambayi mai ita adadin da ya gani yau da safe.